Takardun da kuka nema da samfurin aikina, gurbin akawun sito

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya aiki ya iyali. Ni ne Sadisu da kuka yi wa intabiyu ranar Talata a ofishinku na Sharada kan gurbin akawun sito, wanda ya shigo na uku bayan azahar. Na gode ƙwarai da lokacin da kuka ba ni ku da Hajiya mai kula da ma'aikata.

Kun ce in turo takarduna da samfurin aikin da na taɓa yi kafin Juma'a, to ga su nan na haɗa a wannan imel ɗin, fayil biyar ne:

1_HND.pdf, satifiket ɗina na akanta daga Kano Poly, 2018
2_NYSC.pdf, takardar gama bautar ƙasa, a Nasarawa na yi, 2019
3_NIN_Indigene.pdf, silif ɗin NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma
4_Affidavit.pdf
5_Sito_Maris.xlsx

Na huɗun nan bari in yi bayani tun kafin ku tambaya. A satifiket ɗin makaranta sunan mahaifina ne a ƙarshe, a NIN kuma har da na kakana, shi ya sa na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne.

Sai samfurin aikin, wanda shi ne nake so ku duba a tsanake ranka ya daɗe. Lissafin sito ne na wata ɗaya, watan Maris, daga injin casar shinkafa da na yi wa aiki shekara uku a wajen Kura. Sai da na nemi izinin tsohon maigidana kafin in ɗauko, kuma na cire sunayen kwastomomi da farashi gaba ɗaya saboda amana ce, adadin buhuna kawai na bari.

Shafi uku ne a ciki. Na farko shigowar shanshera, buhu 1,200 mai kilo 100, kowace mota da ranarta da nauyin da sikeli ya nuna, har da wurin rubuta danshi, don idan ya haura kashi 14 cikin ɗari ba ma barinta ta shiga sito sai an sake shanyawa, in ba haka ba ta yi fumfuna ko kuma nauyin ya zube daga baya a rasa wa za a tambaya. Na biyu abin da inji ya fitar, buhu 1,440 mai kilo 50, wato kashi 60 cikin ɗari kenan, sauran ya tafi a ɓuntu da dusa da karyayyiya.

Shafi na uku shi ne amsar tambayar da kuka yi min, cewa me zan yi idan littafi da sito suka ƙi daidaita. A ranar gaskiya ban gamsu da yadda na amsa ba, na yi ta zagaye, shi ya sa na zaɓo watan da abin ya faru da ni. Mun shiga watan babu ragowar kaya, an fitar da buhu 1,310 a littafi, ya kamata 130 su rage amma da muka ƙirga da mai sito ranar 1 ga Afrilu da safe 118 muka tarar. Na bi takardun fitar kaya ɗaya bayan ɗaya, sai ga buhu 10 da aka loda wa wata mota da daddare ranar 31, ba a shigar ba sai washegari. Biyun kuma fashewa suka yi wajen lodi aka share aka zuba cikin karyayyiya ba wanda ya rubuta. Layukan na sa musu launin ja don ku gan su da sauri. Jimillar fita ba da hannu na tara ba, wannan na sa:

```
=SUMIF(B:B,"Fita",D:D)
```

in kun canza lamba ɗaya za ku ga komai ya bi ta.

Abu ɗaya ne bai samu shiga ba, fom ɗin garanto. Mutum na farko ya sa hannu, na biyun ya yi tafiya Haɗeja sai Lahadi zai dawo. Insha Allahu Litinin kafin ƙarfe 12 zan kawo da kaina tare da fasfo guda biyu da orijinal na duk takardun nan don a gani ido da ido. Idan jinkirin zai kawo matsala ku sanar da ni in nemi wani ya tsaya min.

In wani fayil ya ƙi buɗuwa ku faɗa min in sake turowa ta WhatsApp, lambata ita ce wadda Hajiya ta kira ni da ita. Don Allah in saƙon ya iso a ɗan sanar da ni ko da layi ɗaya ne.

Allah ya ƙara girma, na gode.

Sadisu