Zuwa ga Malam Bashir akanta: gyara a lissafin cinikin Janairu zuwa Yuni

Hotoro, Kano
8 ga Yuli, 2025

Malam Bashir, assalamu alaikum.

Ya aiki, ya iyali? Takardar da ka aiko ta hannun Nura ta iso ran Asabar, na gode ƙwarai. Dare biyu na yi a kanta bayan an rufe shago, ga littattafan ciniki a gefe, ga takardar banki a ɗaya gefen. Janairu da Fabrairu ba ni da ta cewa, sun zo daidai da abin da ke hannuna. Amma daga Maris zuwa Yuni akwai gyara, kuma tun kafin ka faɗa, na san yawanci daga wajena matsalar ta taso.

Na fahimci yadda ka yi aikin: kuɗin hannu da bashi ka ɗauko daga littafi, POS da taransifa kuma daga takardar banki, ka haɗa. To, ba duk abin da ya shiga asusun nan ba ne ciniki. Asusu ɗaya gare ni, da shi nake harkar shago, da shi nake ta gida.

Maris ne ya fara tsayar da ni. Ka rubuta ₦3,920,000, ƙasa da Fabrairu mai ₦4,350,000. Malam, watan azumi ne fa. Ran 1 ga Maris aka ɗauki azumi, aka yi salla ran 30. Buhun sukari 14 na sayar a watan, a Fabrairu kuwa 6 kacal. Ban da madara da ganyen shayi da taliya da man gyaɗa, ga fulawa da bota na masu cincin a goman ƙarshe, lokacin da har ɗan yayata sai da na kira ya taya mu awo. Da na duba sai na gane dalili: baƙin littafin ya cika ran 20 ga wata, muka ci gaba a wani ƙarami mai jan bango, shi kuma ban ba ka ba. Yana cikin durowa ƙarƙashin ledoji, jiya na zaro shi. Daga 21 zuwa 29 ga wata akwai ₦1,310,000 a ciki, ran 30 da 31 ba mu buɗe ba. Ke nan Maris ₦5,230,000 ne.

Afrilu kuma akasin haka. Da na ga ₦6,040,000 sai da na yi dariya, don bayan salla kowa aljihunsa ya bushe, wuni muke muna korar ƙuda. Kayan da na saro a Singa duk watan na ₦3,100,000 ne, rasit suna nan. Ka san ribar kayan masarufi, katan ɗin taliya in ka ci 'yan ɗaruruwa a kai ka gode Allah. Ta yaya kayan miliyan uku za su haifi cinikin miliyan shida? Abu uku ne suka kumbura shi. Ran 7 ga wata ₦900,000 ta shigo, kwasar adashina ce ta 'yan layinmu. Ran 15 ƙanena da ke Abuja ya turo ₦1,200,000 na kwanon rufin ɗakin Hajiya, in ka duba za ka ga washegari ta fita zuwa wurin mai kwano. Sai ₦340,000 da ta shigo kashi biyar a makon farko. Wannan bashin kayan salla ne mutane suka biya da albashi ya shigo. Ni ranar da kaya suka fita nake rubuta ciniki, in sa "bashi" a gefe, to waɗannan suna cikin jan littafin, a lissafin Maris. In an bar su a Afrilu an ƙirga su sau biyu. Ka cire ukun, ₦2,440,000, saura ₦3,600,000. Wannan shi ya yi kama da Afrilun da na gani da idona.

A Mayu ka duba Talata 6 ga wata. Ka shigar da ₦485,000 kuɗin hannu. ₦48,500 ne. Ranar na je ɗaurin aure Wudil, Nura ne ya rufe lissafi, waƙafinsa ya zame, ga wani ɗigon man ja da ya zauna daidai ƙarshen lambar kamar sifili. Ni ma sai da na haska fitilar waya na gane. Ko ranar jajibirin salla ba mu taɓa yin ₦485,000 kuɗin hannu ba, balle Talatar da aka rufe da la'asar. Bambancin ₦436,500.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun farkon Mayu mai POS na bakin layi ya tashi, sai maƙwabta suka dawo wajena: mutum ya sa kati, in ba shi kuɗi daga durowa, in karɓi ₦100 a kowace ₦5,000. A takardar banki sai ya fito kamar an sayi kaya, alhali ko ashana ba ta fita ba. Nura yana rubuta su a bayan littafi, daga shafin ƙarshe yana dawowa. Na Mayu ₦212,000 ne. Cajin a hannu nake karɓa, ₦4,240, ban sa shi a ciniki ba, ka ga inda ya dace da shi. Daga ₦5,015,000 ɗinka, in an cire waɗannan biyun, ₦4,366,500 ya rage.

Yuni ban gama ba, gaskiya. Ka sa ₦5,760,000. Abin da na tabbatar shi ne ₦600,000 ta ran 10 ga wata: kuɗin durowa ne na kwanakin babbar salla, ni na kai banki da kaina don in tura wa dila a Singa. Suna cikin littafi tuntuni. Sai ₦280,000 ta ran 19, tsohon firijin shago ne na sayar wa mai lemo. Ko wannan yana da gurbinsa daban a lissafinku? Kai ka sani, amma dai ba cinikin kaya ba ne. Na masu cirar kuɗi na Yuni ban haɗa ba tukuna, rubutun ya cakuɗe, sai mun zauna da Nura. Akwai kuma ₦27,000 ta wata mata da na'ura ta nuna bai wuce ba, ta biya a hannu, daga baya kuɗin suka faɗo na mayar mata. Ranar ce ta ɓace min, ina jin makon ƙarshe ne.

Wani ƙaramin abu: ₦50 ɗin da aka riƙa cira a watannin nan in ₦10,000 ko fiye ta shigo, da cajin na'ura, na ga kamar a wasu wuraren abin da ya rage ka rubuta, a wasu kuma cikakken kuɗin. Ina son cinikin ya fito cikakke, cajin ya koma cikin kashe-kashe, in san nawa suke ci min a wata.

Abin da ya sa na matsa, ƙarshen watan nan za mu zauna da Yaya Alhaji. Ka san kashi ɗaya cikin uku na ribar nasa ne, tunda da kuɗinsa a jarin. In ya ga Afrilu miliyan shida zai lissafa ribar da babu ita, in ya ga Maris ƙasa da Fabrairu kuma zai yi shiru ne kawai, ni kuwa shirun nan nasa na fi tsoro. Ba na son abin da zai taɓa zumunci a kan kuskuren biro.

Na ba Nura jan littafin, da rasit na Singa, da takardar bankin da na ja wa layi da jan biro a duk inda na ambata. Don Allah ka riƙe littafin da kyau, ba ni da kwafinsa. Maganar raba asusu da ka daɗe kana yi min, na ji, wannan makon zan buɗe na shago daban. In kana ofis ran Alhamis bayan azahar zan shigo da na Yuni mu ƙarasa, in ba hali ka kira ni mu sa wata rana kafin 20 ga wata.

A gaida mutan gida.

Naka,
Auwalu mai shago