Takardar koke kan buhunan siminti da suka iso a daskare

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali?

Na rubuto ne kan buhu 300 na siminti da motarku ta sauke a shagona da ke Ƙofar Ruwa, Kano, ranar Talata. Da yarana suka fara jera su, sai muka tarar 46 sun daskare. Wasu gefe ɗaya ne ya yi gudaji, amma 19 sun koma dutse gaba ɗaya, ko an buga da guduma ba sa fashewa.

Ba a wurina suka sha ruwa ba. A kan katako nake jera kayana, rufin shagona kuma ba ya yoyo. Direbanku ma ya gani da idonsa, ya sa hannu a bayan rasit. Tampol ɗin motar a yage yake, ga shi damina ta yi nisa.

Abin da ya fi ci mini rai, wani magini da muka daɗe tare ya ɗauki buhu goma, ya dawo mini da uku a gaban mutane.

Shekara shida muna ciniki ban taɓa riƙe muku ko sisi ba. Ina roƙon ku aiko a kwashe su, a musanya mini kafin Juma'a, ko a mayar mini da kuɗinsu.

Na gode,
Mai shagon kayan gini, Ƙofar Ruwa