Neman Tallafin Naira Miliyan 9.6 Don Asibitin Sha-ka-tafi Da Kula Da Marayu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu na Gidauniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, muna rubuto wannan takarda ne a madadin kwamitin taimakon al'umma na masallacin Juma'ar unguwarmu da ke Funtuwa, Jihar Katsina. Muna da rajista da hukumar CAC, kwafin takardar na haɗe da wannan.

Asibitinmu ɗaki uku ne a jikin katangar masallaci, da ma'aikatan lafiya biyu da ungozoma ɗaya. Duk wanda ya zo ana duba shi, Musulmi ko Kirista. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura Babban Asibitin Funtuwa. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta, mukan ga yara 40 a wuni. Muna kuma kula da marayu 60, kuma ba mu tara su a gida ɗaya ba: kowanne yana hannun mahaifiyarsa ko danginsa, can muke kai tallafin.

Babbar matsalarmu wuta ce. Allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa janareto muka dogara da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ke cinye rabin sadakar Juma'a, ungozoma kuma ta sha karɓar haihuwa da fitilar waya. Wani zai ce ai kuna karɓar zakka. Muna karɓa, amma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin ta, kuma malamanmu sun hana mu sayen kayan aiki da ita. Asusunta daban yake, hatsin marayu kawai take ɗauka.

Ga abin da muke nema na wata 12:

Sola, batura da firjin rigakafi: N4,200,000
Magunguna da kayan gwajin zazzaɓi: N2,400,000
Kuɗin makaranta, yunifom da littattafan marayu 60, N40,000 kowanne: N2,400,000
Alawus ɗin ungozoma, N50,000 a wata: N600,000
Jimla: N9,600,000

Albashin sauran ma'aikata biyun yana wuyanmu. Idan sola ta kama aiki, kuɗin man da muka huta da shi zai koma sayen magani a shekara mai zuwa, don kada mu dawo muku da ƙoƙon bara a kan abu ɗaya.

Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum uku. Kuɗin makaranta a asusun makarantar za mu zuba, mu karɓi rasit. Duk wata uku za ku sami rahoto da bayanin banki, amma hotunan marayun ba za mu turo ba, don kare mutuncinsu. Wakilinku na iya zuwa ya duba littattafanmu ko ba sanarwa.

Allah Ya saka da alheri. Wassalam.

Sakataren Kwamiti,
a madadin Liman da sauran mambobi