Hujjar 1 + 2 + 3 + ... + n = n(n+1)/2 ta hanyar indakshin

Salam ƙannena 'yan aji ɗaya, ga hujjar da muka fara a tutoriyal ɗin Asabar aka ɗauke wuta ba mu ƙarasa ba. Ku kwafa da hannu don Allah, kar ku tsaya a karantawa kawai.

Abin da za mu tabbatar shi ne, ga kowace cikakkiyar lamba n daga 1 zuwa sama,

1 + 2 + 3 + ... + n = n(n+1)/2

Mu kira wannan magana P(n). Ku ɗauke ta kamar tsani, in ƙafarka ta hau matakin farko, kuma ka tabbata daga kowane mataki ana iya hawa na gaba, to ai ba matakin da zai gagare ka.

Matakin tushe. Mu sa n = 1. Hagu 1 ne kawai, dama kuma 1(1+1)/2 = 2/2 = 1. Sun yi daidai, P(1) gaskiya ce.

Zato. Mu ɗauka P(k) gaskiya ce ga wata lamba k ≥ 1, wato

1 + 2 + ... + k = k(k+1)/2

A nan ne wata ƙanwata ta ce Yaya ai wannan wayo ne, ya za mu ɗauki abin da muke nema a matsayin gaskiya, kuma tambayar tana da kyau sosai. Ba mu ce fomular ta yi ga duk lambobi ba fa, cewa muka yi IDAN ta yi a kan k ɗaya tak, to bari mu ga ko dole ta yi a kan mai bi mata. "Idan" ɗin nan shi muke tabbatarwa. P(1) kuma mun riga mun gwada ta da hannunmu, ita za ta ba mu P(2), P(2) ta ba mu P(3), haka har ba iyaka.

Matakin gaba. Kafin ku taɓa komai ku rubuta inda za ku, wato ku sa k+1 a duk inda n take:

1 + 2 + ... + k + (k+1) = (k+1)(k+2)/2

Yanzu mu fara daga hagu shi kaɗai. Lambobin farko daga 1 zuwa k mun san jimlarsu daga zatonmu, sai mu musanya:

1 + 2 + ... + k + (k+1)
= k(k+1)/2 + (k+1)
= k(k+1)/2 + 2(k+1)/2
= (k+1)(k+2)/2

A layi na biyu aka yi amfani da zaton, ku rubuta "bisa zato" a gefensa don mai makin ya gani, in hujjarka ta ƙare ba ka taɓa zaton ba to akwai matsala a wani waje. Layin ƙarshe kuwa (k+1) muka ciro tunda tana ɓangarorin biyu, k + 2 ta rage a ciki. Mun iso daidai inda muka nufa, ke nan in P(k) gaskiya ce P(k+1) ma gaskiya ce.

Tunda P(1) gaskiya ce, kuma P(k) tana haifar da P(k+1) ga kowace k ≥ 1, to bisa ƙa'idar indakshin P(n) gaskiya ce ga duk n ≥ 1. Hujja ta kammala. In n = 100 jimlar 100(101)/2 = 5050 ce.

Masu raina matakin tushe saboda layi ɗaya ne, ku zo ku gani. A ce wani ya kawo n(n+1)/2 + 5 ya ce ita ce fomular, ku bi matakin gaba da ita, k(k+1)/2 + 5 + (k+1) zai ba ku (k+1)(k+2)/2 + 5 sumul ba tangarɗa, alhali ƙarya ce, a n = 1 hagu 1 dama 6. Tushen ne kaɗai ya kama ta.

Masu gwada lambobi uku huɗu su ce shi ke nan su ma haka. Ku duba n² + n + 41, daga n = 1 har 39 kullum tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, amma a 40 sai ga 1681, wato 41 × 41. Gwaji 39 reras bai zama hujja ba.

Aikin gida, ku tabbatar da 1 + 3 + 5 + ... + (2n−1) = n² da tsarin nan. Ku kula, lambar da ke bin 2k−1 a cikin wannan jerin ita ce 2k+1. Ku kawo ranar Alhamis bayan La'asar mu duba tare, Allah ya ba da sa'a.