Hoton da Ke Ƙasan Adaka

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Kaka ta aiki Ummi ɗaki ta ɗauko mata turaren wuta a cikin adaka. Ummi tana ɗaga zannuwa sai hannunta ya taɓo wani abu a naɗe cikin tsohon kallabi. Ta warware. Hoto ne baƙi da fari, gefensa duk ya cinye, an rubuta 1964 a bayansa.

Ta fito tsakar gida da gudu.

"Kishiya, turare na aike ki ko bincike?" in ji Hajiya.

"Hajiya, wannan dutsen Dala ne?"

Tsohuwar ta karɓa, ta matso da shi kusa da idonta. Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Dala ce, amma ba wadda kika sani ba. Dalar gyaɗa ce, a Ƙofar Mazugal. Duba da kyau, duk buhuna ne."

Ummi ta ƙura ido. Lallai kuwa, buhu kan buhu, an jera su kamar tubali har suka tsuke a sama.

"Dala ɗaya takan ci buhu dubu 15. Tun zamanin Alhassan Ɗantata ake yin ta. Da kaka manoma su kawo gyaɗa a jakuna da motoci, a auna, a ɗinke, a tara ta nan tana jiran jirgin ƙasa ya kai ta Ikko. Daga can sai jirgin ruwa, sai Turai. Mu mata mu muke ɓararta, har yatsunmu su yi kanta."

"To wa yake hawar da buhunan can sama?"

Hajiya ta ɗora ɗan yatsa kan wani mutum tsaye a tsakiyar dalar, da buhu a ka. Bai fi ƙwayar gero ba a hoton.

"Ga shi nan. Malam ne, kakanki, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Da gammo yake fita bayan asuba. In ya dawo wuyansa ba ya juyuwa, sai na gasa masa da ruwan zafi. Da sulallan dakon nan aka yi wa ɗakin da kika shiga rufin kwano."

"Ina dalar take yanzu?"

"Fari ya zo a 1973, shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira. Bayansa ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, gona ta ƙi. Ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin mutane. Muna ji muna gani filin ya zama wayam."

Ummi ta sake kallon mutumin.

"Amma Hajiya, fuskarsa ba ta fito ba. Ta yaya kika san shi ne?"

"Tsayuwar," in ji ta a hankali. "Haka yake karkata kafaɗar hagu. Babanki ma haka yake tsayawa, ki lura in ya dawo."

Ta naɗe hoton cikin kallabin, ta riƙe shi a cinyarta. Garwashin da ke kasko ya riga ya mutu, Ummi ta tashi ta ɗebo wani a murhu.