Bayanin hoton allon shagon aski, Tudun Wada

Nura, ga bayanin da za ka sa wa manhajar zana hoton. Ka fitar da kawunan ɗaya bayan ɗaya sannan ka jera su da kanka, don in ka nemi shidan a tashi ɗaya fuska guda za ta maimaita maka. Allon ƙafa 6 ne a kwance, ƙafa 3 a tsaye, wato `2:1`.

Abin da ya shafi kowane hoto: namiji ɗan Arewacin Najeriya, daga kafaɗa zuwa sama, ya ɗan karkata kai yadda za a ga goshi da kunne ɗaya da gefen ƙeya a lokaci guda. An yafa masa farin ƙyallen aski. Bayansa shuɗi mai duhu, fili, babu madubi babu kujera. Haske ya sauko daga sama ta gefe, ya fito da ƙwayar gashin, kada kan ya zama baƙin dunƙule. Fata yadda Allah ya yi ta, ba a ƙara mata haske ba.

Na farko shi ne babba, a tsakiya zai zauna. Saurayi baƙi, ɗan shekara 25, gashi mai tauri, murɗaɗɗe ƙanana-ƙanana, cunkus, irin wanda ake rubutawa `4C`. Saisaye ne da kilifa lamba 2, tsawon milimita 6 a sama, ya riƙa raguwa a hankali zuwa kunne da ƙeya har ya kusa ɓacewa, ba tare da an ga inda tsawo ɗaya ya ƙare wani ya fara ba. Gyaran fuska tsaf, amma layin goshin ya tsaya inda gashi ya tsiro, kada a tura shi baya. Gashin kada ya yi sheƙi kamar an zuba masa mai, kuma kada ya kwanta. Wannan shi ne kan mutum mafi yawa da ke zama a kujerata, daga 'yan Kasuwar Barci har ɗaliban da ke zuwa ranar Juma'a da safe, don haka in bai fito daidai ba ka sake, ko sau nawa ne.

Na biyu, siririn matashi wankan tarwaɗa, gashi mai laushi mai nannaɗe irin na Fulani, `3B` ko `3C`. An rage gefe da lamba 1, milimita 3, an bar sama ya kai gaɓar yatsa biyu, an daidaita da almakashi. A ga nannaɗewar ɗaya-ɗaya tana ɗan faɗowa goshi. A nan manhajar ta fi kuskure: sai ta miƙar da gashin ya koma na Bature ko na Indiya. In ta yi haka, watsar.

Na uku afuro madaidaici, gashi `4A`, an taje an zagaye, tsawon inci 2.

Na huɗu dattijo ɗan shekara 60, tal-kwabo, fatar kai sumul babu kurajen aski a ƙeya. Gemu cike da furfura, murɗaɗɗe, an daidaita saje, an rage gashin baki. Fuska mai kamala, irin wanda zai sa hula ya wuce masallaci. Na biyar magidanci mai sanƙo a tsakiyar kai, an kwantar da sauran gashin ƙasa sosai da lamba 1. Kada a rufe sanƙon. Masu shi suna jin nauyin tambaya, ina so su gani a allo su san an iya da kansu.

Na shida yaro ɗan shekara 8, gashi `4C`, askin makaranta, tsawo ɗaya ko'ina, yana murmushi.

Abin da ba a so: zanko, zane a kai, rini, sarƙa, ɗan kunne, tabarau, hula, hannun mai aski ko kilifa a cikin hoton. Kuma ban da askin da aka ƙwalƙwale wani ɓangare aka bar wani tsibi. Iyaye a unguwar nan sun san hadisin da ya hana, kuma su ke kawo yaran.

Kada manhajar ta rubuta komai. Tana jagwalgwala haruffa, balle ƙ da ɗ. Ka bar fili a sama, kai za ka sa SHAGON ASKI NA KOWA da fari, da manyan baƙaƙe, sannan lamba 1 zuwa 6 a ƙarƙashin kawunan.

Kafin ka kai wa mai buga bana, turo min su a waya in duba da idon mai aski. Mutum zai tsaya ya nuna hoto ya ce wannan nake so, kuma dole abin ya yiwu a kan gashinsa da kilifata. Ka gwada ƙanƙanta hoton ka gani ko ana bambance askin, don daga cikin keke a tsallaken titi za a fara hango shi. Ka ce wa mai buga banar ya ƙara wa launin ƙarfi saboda rana da ƙurar hunturu.

Yayanka,
Sabi'u