Faifai ya fito a Disk Management amma ba shi da harafi: yadda za ka ba shi

Ka jona faifan ajiya na waje ko filas, kwamfuta ta yi ƙarar da take yi idan ta ga sabon abu, fitilar faifan tana ƙiftawa, amma ka buɗe This PC babu komai sai C. Ka leƙa Disk Management, ga shi nan a zaune da girmansa, sai dai babu D ko E ko F a gefen sunansa. Wannan matsalar tana yawan zuwa mana shago a nan wajen Taminus, musamman daga masu ɗaukar bidiyon biki da ɗaliban Jami'ar Jos da ke yawo da faifai daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Mafi yawan lokuta faifan lafiyarsa ƙalau, kuma gyaran bai kai minti biyu ba. Abin da ke jawo asara shi ne gaggawar danna abin da ba a karanta ba.

Harafin nan ba a jikin faifan yake ba. Windows ce ke raba haruffa, kowace kwamfuta kuma da nata lissafin da take ajiyewa. Kamar lambar shago ce a kasuwa: an cire lambar ba ya nufin an kwashe kayan ciki, masu nema ne kawai ba za su gane ƙofar ba. Shi ya sa ba wa faifai harafi ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Abubuwan da ke taɓa kaya su ne Format, da Initialize Disk, da New Simple Volume, da Delete Volume, kuma duk suna kusa da inda za ka danna. Matuƙar akwai abin da kake so a cikin faifan, kada hannunka ya je kansu.

Hanya mai sauƙi

A Windows 10 ko 11, danna maɓallin Windows tare da X ka zaɓi Disk Management. Ko kuma ka danna Windows da R, ka rubuta `diskmgmt.msc`, ka buga Enter. Sai kana da ikon mai kula da kwamfutar zai buɗe. Idan ta ofis ce aka kulle, nemi wanda ke riƙe da ita.

Kalli ƙasan tagar, inda aka jera Disk 0, Disk 1 da sauransu. Gane naka ta girmansa. Kada ka tsorata idan lambar ba ta kai abin da aka rubuta a kwali ba: faifan 1 TB yana fitowa kusan 931 GB, na 500 GB kuma kusan 465 GB, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ba wanda ya cuce ka. Idan kana kokwanto, zare wayar ka ga wanne ya ɓace, ka mayar.

Yanzu karanta abin da ke rubuce cikin dogon akwatin da ke gabansa. Idan layin samansa shuɗi ne, an rubuta NTFS ko exFAT ko FAT32, ga kuma Healthy, to ka huta. Danna akwatin da ɓangaren dama na linzami, zaɓi Change Drive Letter and Paths, danna Add, bar zaɓin a kan Assign the following drive letter, ɗauki harafi, danna OK. Nan take zai fito a This PC.

Wajen zaɓen harafi ina da shawara. Windows za ta miƙo maka na farko da ba kowa a kai, amma ni na fi son a haura can nesa, irin su R ko V. Ƙananan haruffa su filas da katin kamara ke rububi. Yau faifanka E ne, gobe an riga shi jona wani abu ya koma F. Mai tace bidiyo ya san ciwon wannan, domin manhajar tacewa tana neman fayilolin a harafin da ta san su, idan ya canza sai ta cika allo da Media Offline. Idan kuna aiki da kwamfuta biyu ko uku a situdiyo, ku ba faifan harafi iri ɗaya a kowacce, ɗaya bayan ɗaya, tunda wata ba ta san abin da wata ta yi ba. A da B kuwa tun zamanin faifan filofi aka ware su, ana iya amfani da su yanzu, amma ba dalili. A ofisoshin da ake haɗa foldar ma'aikata ta hanyar sadarwar cikin gida, a duba kada harafin ya yi karo da nata. Rubuta `net use` a Command Prompt zai nuna waɗanda aka riga aka kama.

Idan zaɓin ya dushe, ko abin da ka gani ya bambanta

A nan ake bukatar natsuwa, domin rashin harafi alama ce kawai, dalilan kuwa daban-daban ne.

Idan ƙananan yankuna ne masu ɗauke da EFI System Partition ko Recovery Partition, ƙyale su. Da gangan aka hana su harafi, na tayar da Windows ne da gyaranta.

Idan a ƙarƙashin sunan faifan, can hagu, an rubuta Offline, danna wurin da dama ka zaɓi Online. Sau da yawa harafin zai zo da kansa. Amma akwai tarko ɗaya. Idan faifan kwafi ne da aka yi na wanda ke cikin kwamfutar, Windows tana ajiye shi gefe saboda shaidarsu ta zama iri ɗaya, za ka ga bayanin ya ambaci signature collision. Danna Online zai sa ta canza masa shaida, kuma idan niyyarka ka sa shi a wata kwamfuta ya tayar da Windows, yana iya ƙin tashi bayan haka.

Idan layin baƙi ne an rubuta Unallocated, ko an ce Not Initialized, tambaya ɗaya ce: sabo ne fil daga kwali? In sabo ne, yi Initialize Disk, zaɓi GPT, musamman idan ya wuce 2 TB tunda MBR a nan yake tsayawa, sannan New Simple Volume, a cikin matakan za a tambaye ka harafi. In kuwa jiya da kaya a ciki, tsaya cak. Teburin da ke nuna iyakar yankunan ne ya lalace, kayan galibi suna nan, kuma manhaja irin TestDisk tana iya dawo da teburin muddin ba a rubuta wani abu a kai ba.

Haka RAW. Wannan yana karɓar harafi, amma da ka buɗe sai Windows ta ce sai an yi Format kafin a yi amfani da shi. Danna Cancel. A fara kwashe kayan da manhajar ceto zuwa wani faifan daban, sannan a yi maganar gyara. Idan kuma kana jin faifan yana ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, gwada wata waya da ramin USB na bayan kwamfuta. In bai daina ba, cire shi, kowane kunnawa ƙara masa rauni yake.

Akwai kuma wanda aka rubuta Healthy amma ba sunan NTFS ko wani, kuma duk zaɓuɓɓukan sun dushe sai Delete Volume. Yawanci wannan faifan daga Mac ya fito da tsarin APFS ko HFS+, ko daga Linux da ext4, ko daga na'urar naɗar kamarorin tsaro. Bai lalace ba, Windows ce ba ta iya karanta shi. Mayar da shi inda ya fito ka kwafi kayan. Wanda zai riƙa yawo tsakanin Mac da Windows, exFAT ya dace da shi, bayan an kwashe komai tukuna.

Ta hanyar diskpart

Wani lokaci Disk Management yakan ƙi, ko ya ba da harafin yau gobe ya ɓace. Buɗe Command Prompt ta Run as administrator ka rubuta:

```
diskpart
list volume
select volume 4
assign letter=V
```

Lambar 4 misali ce. Duba jerin, nemi layin da gurbin Ltr ɗinsa yake fanko kuma girmansa ya yi daidai da naka, ka sa lambarsa. Karanta sau biyu kafin ka buga Enter, don diskpart ba ya tambayar ko ka tabbata. Kuma duk wanda ya ce ka rubuta `clean` a nan, kada ka saurare shi. Wannan umarnin share teburin faifan yake yi gaba ɗaya.

Kwanakin baya wani mai ɗaukar bidiyo daga Unguwar Rogo ya shigo da laftof da faifai a cikin jakar kamara, ya ajiye a kan teburi ya ce, "Malam, duba min wannan don Allah. A kwamfutar kowa yana buɗewa, a tawa kaɗai yake ƙi, ga masu biki sun dame ni da waya." Muka jona, ga NTFS, ga Healthy, ba harafi. Muka jona wani faifan waje na shago da bai taɓa shiga laftof ɗin ba, shi ma bai samu harafi ba, sai muka gane ba faifansa ne mai laifi ba: an kashe wa Windows ɗin raba harafi da kanta, wataƙila wata manhajar kwafin faifai da aka taɓa sa masa ce ta bar shi haka. Ana gane wannan da rubuta `automount` shi kaɗai a cikin diskpart. Idan amsar ta ƙare da disabled, ga maganin:

```
automount enable
exit
```

Zare faifan ka mayar. Idan har yanzu wannan faifan kaɗai ke zuwa ba harafi, to alamar a jikinsa take. Sake buɗe `diskpart`, ka zaɓe shi da `select volume` kamar ɗazu, ka rubuta `attributes volume`. Idan ka ga Yes a gaban Hidden ko No Default Drive Letter:

```
attributes volume clear hidden
attributes volume clear nodefaultdriveletter
assign letter=V
```

Wannan na faifan kayanka ne kawai, ba na yankunan EFI ko Recovery ba.

Abu biyu suka rage. Kada ka canza harafin C, kuma kada ka canza na faifan da aka girka manhajoji a kansa, domin za su nemi hanyarsu su rasa; Windows ma za ta gargaɗe ka kafin ta yarda. Sannan idan abin da ka gani shi ne Removable da No Media, ba harafi ne matsalar ba. Ko dai ramin karanta kati ne da ba kati a ciki, ko kuma filas ɗin ce ta mutu daga ciki, kwamfuta tana ganin filas ɗin amma ba ta ganin ma'ajiyarta. Gwada ta a wata kwamfutar. Idan can ma No Media ta nuna, ba umarnin da zai tashe ta, sai dai a kai wa masu ceto kaya daga jikin na'ura idan abin da ke ciki ya kai a kashe masa kuɗi.